Na gama daftarin asusun shekara, sai abubuwa suka faru: wanne zai shiga alƙaluma, wanne zai tsaya a bayani?

Tambaya: Ni akanta ne a wani kamfanin tatsar man gyaɗa da na waken suya a Kano. Shekararmu ta ƙare ranar 31 ga Disamba 2023, na gama daftari tun ƙarshen Janairu, riba kafin haraji naira miliyan 210. Daraktoci ba su sa hannu ba tukuna, sai ƙarshen Maris. A tsakanin nan wani babban dilanmu da muke bi miliyan 60 ya karye. Miliyan 6 na ware masa a matsayin tanadi, yanzu kuma an ce da ƙyar mu sami kwabo 20 a kowace naira. Kotu ta ce mu biya wani tsohon ɗan kwangilar sufurinmu miliyan 25, alhali miliyan 10 na ware. Gobara ta cinye kayan miliyan 35 a sito ranar 9 ga Fabrairu. Ga bashin dala 300,000 na injin da muka sayo, naira kuma ta faɗi. Manajan darakta ya ce shekara ta rufe, kada in taɓa komai. Odita ya ce sai an gyara. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Malam, biyu daga cikin abubuwan nan dole su canza alƙaluman 2023, wato bashin dila da hukuncin kotu, kuma a kansu odita ne ke kan hanya. Gobara da faɗuwar naira ba za su taɓa ko sisi a alƙaluman ba, don haka a nan manajan daraktanku ya yi daidai. Sai dai rashin taɓa alƙaluma bai ba shi damar yin shiru a kansu ba, domin dole a rubuta su a fili cikin bayanan da ke biye da asusun.

Kuskuren da ke cikin maganarsa shi ne ɗaukar da ya yi cewa ƙofa ta rufe ranar 31 ga Disamba, ko ranar da ka gama daftari. Ƙa'idar da ke hukunta wannan babi ita ce IAS 10, ɗaya daga cikin ƙa'idojin IFRS na shirya asusu a duniya, waɗanda Najeriya ta fara aiki da su a 2012. Idan kamfaninku na bin ƙa'idar ƙanana da matsakaitan kamfanoni ne, sashe na 32 nata hukunci ɗaya ya yanke. Ƙa'idar ta ce a lura da duk abin da ya faru daga ranar ƙarshen shekara har zuwa ranar da aka amince a fitar da asusun, wato ranar da hukumar daraktoci ta zauna ta amince aka sa hannu. Ranar da akanta ya gama daftarinsa ba ta da wani matsayi, ita kuma ranar babban taron masu hannun jari ta yi nisa, domin kafin nan asusu ya riga ya fita. Tunda naku daraktocin sai ƙarshen Maris za su zauna, duk abubuwa huɗun sun faɗo cikin wannan tazara, kuma ko a safiyar ranar zaman wani abu ya ɓullo, shi ma yana ciki.

To, da me ake rarrabewa? Tambaya ɗaya ce ake yi wa kowane lamari: halin da wannan labari yake bayyanawa, yana nan tun ranar 31 ga Disamba, ko bayanta ya samu? Ranar da labari ya iso kunnenka ba ita ce ma'auni ba. Ka ɗauki buhun wake da ka buɗe a Fabrairu ka tarar ƙwari sun mai da shi gari. A Fabrairu ka gani, amma ɓarnar ta daɗe a ciki, kuma da ka ce a Disamba kana da buhun wake mai kyau, ba gaskiya ka faɗa ba. Wanda ɓarawo ya sace a Fabrairu kuwa, a Disamba yana nan lafiya lau, kuma ƙirga shi da ka yi daidai ne. Na farkon shi ke sa a gyara alƙaluma, na biyun bayani kawai yake bukata, idan yana da girman da zai iya canza shawarar mai karanta asusun.

Bari mu daɗe a kan dila, domin nan ne gardama za ta fi zafi. Ƙa'idar da kanta ta kawo wannan misali, ta ce karyewar abokin ciniki bayan ƙarshen shekara yawanci tana tabbatar da cewa bashin ya riga ya raunana tun a ƙarshen shekarar. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san kasuwa. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar kayan miliyan 60 ba ya rushewa cikin mako shida. Yakan yi watanni yana ɗauko wannan ya toshe wancan kafin asiri ya tonu. Amma ka lura da cewa yawanci aka ce, ba kullum ba, kuma aikinka ne ka kawo hujjar da za ta nuna ɓangaren da naku ya faɗa.

Ka buɗe lejarsa daga tsakiyar 2023. Ka duba kwana nawa yake ɗauka kafin ya biya a farkon shekara, da kwana nawa ya koma ɗauka a Oktoba da Nuwamba. Ka duba ko ya daina biyan takardar kaya sukutum ya koma turo 'yan kuɗi tsitsit, ko akwai cakinsa da banki ya mayar, ko ya nemi a ƙara masa wa'adi. Ka tambayi masu kula da ciniki, domin sukan ji ƙishin-ƙishin a kasuwa tun kafin labari ya iso ofishin akanta. Idan ka sami biyu ko uku daga cikin alamun nan kafin 31 ga Disamba, magana ta ƙare, gyara ya wajaba. Idan kuwa leja ta nuna mutumin yana biya a kan lokaci har ƙarshen Disamba, sai ga shi wani abu na fili ya auka masa a Janairu, kamar gobarar da ta cinye shagunansa ko kayansa da suka salwanta a hanya, to asarar ta 2024 ce, bayani kawai za a yi a asusun 2023. Wannan yana faruwa, amma shi ne mafi ƙaranci, kuma odita ba zai karɓe shi da fatar baki ba, sai da takarda. Tanadin miliyan 6 da ka riga ka ware masa ma, idan shi kaɗai ka ware wa don wani abu da ka gani, shi kansa shaida ne cewa akwai alamar rauni tun a lokacin.

Idan ya tabbata, lissafin ba wuya. Kwabo 20 a naira na miliyan 60 shi ne miliyan 12. Abin da ake sa ran zai salwanta miliyan 48 ke nan. Ka riga ka ware 6, saura 42 da za ka ƙara a asarar bashi cikin lissafin riba da asara, ka ƙara su kuma a tanadin da ke rage jimlar basussukan da kuke bi. Abu biyu za ka kiyaye. Na ɗaya, kwabo 20 ɗin nan daga bakin wa ya fito? Ka nemi wasiƙa daga wanda aka ɗora wa alhakin sayar da kadarorin dilan ya biya masu bin sa bashi, ko daga lauyanku. Ku da kuka ba da kaya bashi ba jingina kuna bayan layi, bankin da ke riƙe da takardun gidansa yana gabanku, kuma rabon yakan ɗauki shekaru. Idan ba a sa ran kuɗin sai nan da shekara biyu, IFRS 9 na bukatar a rage darajar miliyan 12 ɗin zuwa abin da suke daidai da shi a ranar ƙarshen shekara, asarar kuma ta ɗan ƙaru. Na biyu, idan kun ci gaba da ba shi kaya a Janairu, wancan bashin na 2024 ne, kada ka haɗa shi da wannan. Abin da ke kansa ranar 31 ga Disamba kaɗai ake magana.

Hukuncin kotu ya fi sauƙi. Aikin sufurin an yi shi tun da, saɓanin ya taso tun da, ƙarar tana gaban alƙali kafin shekara ta ƙare. Alƙali bai ƙirƙiri bashin ba, ya dai faɗi adadinsa. Don haka tanadi ya tashi daga miliyan 10 zuwa 25, ƙarin miliyan 15 a asusun 2023. Na san abin da za a ce maka: ai za mu ɗaukaka ƙara. Niyyar ɗaukaka ƙara ba ta goge hukuncin da ke ƙasa. IAS 37 na neman a rubuta mafi ingancin kintace na abin da za a biya, kuma a yau ba abin da ya fi hukuncin kotu ƙarfi a hannunku. Idan lauyanku ya rubuta ra'ayi mai dalili cewa akwai kuskuren shari'a da zai sa kotun gaba ta rage kuɗin, ana iya duba wannan tare da odita. Fatan alheri kawai ba ya rage tanadi. Ka nemi kwafin hukuncin ka karanta da kanka, domin sau da yawa akan haɗa da kuɗin ruwa daga wata rana har zuwa ranar biya. Ɓangaren da ya taru har 31 ga Disamba na 2023 ne, wanda ya taru bayan nan kuma na 2024.

Yanzu riba kafin haraji ta sauko daga miliyan 210 zuwa 153, domin 42 da 15 sun haɗu sun zama 57. A nan akantoci da yawa ke tsayawa su ce sun gama, alhali gyara ɗaya yana jan wasu. Kamfani mai girman naku kashi 30 cikin ɗari yake biya na harajin kamfanoni, don haka miliyan 57 na rage nauyin haraji da kimanin miliyan 17.1. Ko ragin zai fito a harajin bana ko a harajin da aka jinkirta, ya danganta da ko hukumar haraji za ta yarda a cire asarar a wannan shekarar. Takan yarda da bashin da aka ambaci mai shi aka kuma kawo shaidar ya mutu, ba ta yarda da tanadin jimla. Abin da ba ta yarda da shi bana ba sai ya koma harajin da aka jinkirta a ɓangaren kadara, shi ma ba a rubuta shi sai ana kyautata zaton samun ribar da za a cire shi daga cikinta nan gaba. Bayan haraji, ka sake lissafa duk abin da ke rataye da riba: ihsanin ƙarshen shekara na ma'aikata da na manajoji idan kaso ne na riba, da ma'aunan da bankinku ya gindaya a yarjejeniyar bashi. Ka duba teburin shekarun basussuka da ke cikin bayanai, da bayanin shari'o'in da ke kotu, da rahoton daraktoci inda aka ambaci tsohuwar riba da haruffa. Sannan ka shigar da gyaran a lejar 2023 da kwanan watan 31 ga Disamba, ka tabbata alƙaluman buɗe 2024 sun ɗauke shi. In ba haka ba, ranar da aka biya ɗan kwangilar wani zai sake rubuta miliyan 25 a matsayin kashe kuɗi, asara ɗaya ta shiga littafi sau biyu.

Gobara ba ta da gardama. Ranar 31 ga Disamba kayan suna sito, an ƙirga su, na kamfani ne, darajarsu kuma tana nan. Asarar miliyan 35 ta 2024 ce. Amma ta haura kashi ɗaya cikin biyar na ribar da ta rage, don haka dole a bayyana ta: ranar da ta faru, abin da ya ƙone, kintacen asarar, da ko akwai inshora. Kuɗin inshorar ma ba a rubuta shi a matsayin kadara, ko a 2024, sai biyansa ya zama kamar tabbas, misali kamfanin inshora ya amsa alhakin a rubuce. Abin lura ɗaya ne. Idan binciken bayan gobara ya nuna cewa abin da ke sito a Disamba bai kai abin da ke littafi ba, ko wani ɓangaren man ya riga ya lalace tun kafin shekara ta ƙare, wannan gano kuskure ne a alƙaluman 2023, kuma shi gyara yake bukata. Kada a bar gobara ta haɗiye giɓin da ya girme ta. Haka kuma ka duba farashin da kuka sayar da ragowar kayan Disamba a Janairu da Fabrairu. Idan kun sayar ƙasa da kuɗin da kuka kashe a kansu saboda wani aibi da ke jikinsu tun da, wannan shaida ce cewa darajarsu a littafi ta yi yawa.

Bashin dala shi ne wanda ya fi damuna, duk da cewa ba zai taɓa alƙaluma ba. A ƙarshen Disamba 2023 dala tana kusan naira 900 a kasuwar hukuma. A ƙarshen Janairu 2024, bayan an sauya yadda ake ƙididdige farashin rufe kasuwar, ta haura 1,400, a Fabrairu kuma ta wuce 1,500. IAS 21 ta ce bashin kuɗin waje da farashin ranar ƙarshen shekara ake auna shi, IAS 10 kuma ta ambaci gagarumin sauyin farashin canji bayan shekara cikin abubuwan da bayani kawai ake yi a kansu. Dala 300,000 a kan 900 miliyan 270 ne, kuma haka zai zauna a asusun 2023. A kan 1,500 kuwa miliyan 450 ne. Bambancin miliyan 180 ya fi dukan ribar shekarar bayan gyara. Ka yi tunanin ma'aikacin banki ko mai hannun jari da ya karanta asusun a Afrilu, ya ga riba 153 da bashi 270, ba wanda ya gaya masa cewa bashin ya riga ya ƙaru da abin da ya fi ribar. Kowane adadi da ya gani gaskiya ne, amma duk da haka an ɓatar da shi. Wannan ne dalilin da ya sa bayani ya zama wajibi. A rubuta adadin dalar, farashin da aka yi amfani da shi a ƙarshen shekara, farashin ranar da ta fi kusa da sa hannu, da asarar canjin da za ta fito a 2024 idan farashin ya tsaya haka. Ƙa'idar ta yarda a ce ba a iya kintata illar wani lamari ba idan da gaske ba a iya ba, amma a nan ninkawa ce kawai, ba wanda zai fake da wannan.

Wani zai kawo hujja ta ɗaya ɓangaren, ya ce ai ko a Disamba ba wanda ke samun dala a 900, a kasuwar bayan fage kusan 1,200 take, don haka faɗuwar Janairu ta tona abin da ke nan ne tun da. Hujjar ba ta banza ba ce, amma wurinta daban. Tambaya ce a kan wane farashi ne kamfani zai iya biyan bashinsa da shi a ranar 31 ga Disamba, kuma da shaidar wannan ranar ake amsa ta, tare da odita. Ba ta ba kowa izinin ɗauko farashin Fabrairu ya manna wa Disamba ba. Na faɗi haka ne domin son zuciya yana zuwa ta fuska biyu. Akwai shugaban da ke ƙin shigar da asara don riba ta yi kyau, akwai kuma wanda ke son jawo asarar baɗi cikin bana don haraji ya ragu ko don shekara mai zuwa ta fito fes. Dukansu saɓa ƙa'ida ne. Kada kuma a yi tunanin ɗora asarar canjin a kan kuɗin injin. Injin da aka saya aka kafa yana aiki yana zama a farashin ranar da aka saye shi, asarar canji kuma lissafin riba da asara take tafiya.

Akwai wuri ɗaya da rarrabewar nan take faɗuwa, kuma ina so ka kai shi gaban daraktoci ko ba su tambaya ba. Ana shirya asusu ne bisa zaton kamfani zai ci gaba da aiki, kuma dole shugabanni su auna wannan zato na aƙalla wata goma sha biyu daga ƙarshen shekara. Idan abin da ya faru bayan shekara ya kai ga ba wata mafita sai rufe kamfani, ba a shirya asusun bisa wannan zato, ko da a Fabrairu abin ya samo asali. A nan ba a tambayar yaushe ya faru. Ka haɗa naku wuri ɗaya ta fuskar tsabar kuɗi: miliyan 48 da ba za su shigo ba, 25 da za su fita, kayan 35 da sai an sake saye, da ƙarin 180 a kan bashin inji. Miliyan 288 ke nan. Ban ce kamfaninku zai durƙushe ba, mai yiwuwa farashin mai da ya tashi zai cike wani ɓangare. Amma sai an zauna an yi hasashen shige da ficen kuɗi wata-wata, an sa ranar da bashin dalar zai cika, an duba ko banki zai sabunta rancen da kuke juya kaya da shi. Idan hasashen ya nuna za ku tsallake cikin sauƙi, a ajiye shi a fayil. Idan ya nuna sai banki ya yarda ko mai injin ya ƙara wa'adi, kuma ba a sami amincewarsu ba tukuna, wannan babban rashin tabbas ne da dole a rubuta a bayanai, odita kuma zai ja hankali gare shi a rahotonsa.

Ba ka ambaci rabon riba ba, amma na tabbata yana cikin dalilan da ake son miliyan 210 ta zauna. Rabon da daraktoci za su ba da shawararsa a Maris ba bashi ba ne a ranar 31 ga Disamba, don haka ba a rubuta shi cikin basussuka, a bayanai kawai ake ambatonsa. Amma adadin da aka tsara bisa tsohuwar riba yana bukatar a sake duba shi, musamman da miliyan 288 ɗin can a gaba.

Game da manajan darakta, kada ka je masa da sunayen ƙa'idoji, ka je masa da abin da zai biyo baya. Miliyan 57 ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na ribar daftari, ba odita mai mutunta sa hannunsa da zai kau da kai. Ƙa'idar aikin odita, ISA 560, ta ɗora masa neman irin waɗannan abubuwa har zuwa ranar rahotonsa. Zai karanta bayanan tarukan daraktoci na bayan shekara, ya duba asusun wata-wata na Janairu da Fabrairu, ya bi kuɗin da masu bashi suka biya bayan shekara, ya rubuta wa lauyoyinku. A ƙarshe zai nemi shugabanni su sa hannu a wasiƙar da ke cewa duk abin da ya faru bayan shekara mai bukatar gyara ko bayani an gyara ko an bayyana. Manajan darakta ne zai sa hannu a wannan wasiƙa, yana sane da hukuncin kotu. Idan aka ƙi gyara, rahoton odita zai fito da togiya, ya faɗi adadin da aka kumbura riba da shi, kuma shafin da banki ke fara buɗewa ke nan. Riba 153 da rahoto mai tsabta ta fi amfani a gaban banki a kan 210 da togiya. Ka tuna masa kuma cewa a doka alhakin asusu yana wuyan daraktoci ne, ba odita ba. Kai ma ka rubuta matsayarka a takarda gajeriya, kowane lamari da ranarsa, da shaidarsa, da hukuncin da ka ga ya dace, ka miƙa ta kafin zaman. Wannan takarda ita ce za ta tsaya maka idan magana ta taso daga baya.

Jinkirta gyaran zuwa asusun 2024 ma ba ya warware komai. Labarin da ke hannunku kafin sa hannu, kuka ƙi amfani da shi, a 2024 ba za a ɗauke shi a matsayin sabon kintace ba. IAS 8 kuskuren shekarar baya take kiransa, kuma gyaransa shi ne a sake rubuta alƙaluman 2023 da ke gefen na 2024, a bayyana dalili a fili. Wanda ya ba ku rance ko ya karɓi rabon riba bisa tsohon adadi zai ga abin da ya faru da idonsa.

Ka tabbata ranar amincewa da sunan waɗanda suka amince sun fito a cikin asusun, domin da ita mai karatu ke sanin inda labarinku ya tsaya. Ka yi ƙoƙari ranar sa hannun daraktoci da ta rahoton odita su zo ɗaya ko su kusanci juna, kuma kwana ɗaya ko biyu kafin zaman ka sake kiran lauya, ka sake duba farashin dala, ka sabunta bayanan da su. Idan wani abu ya ɓullo bayan an sa hannu amma asusun bai fita ba, kuma abin da zai iya canza rahoton odita ne, ku sanar da shi nan take. Daraktoci na iya gyara asusun su sake amincewa da sabuwar rana, shi kuma ya faɗaɗa bincikensa har zuwa wannan ranar ya ba da sabon rahoto. Idan asusun ya riga ya isa hannun banki da hukumar haraji sannan aka gano cewa akwai abin da ya kamata ya shiga tun farko, sai an sanar da duk wanda ya karɓi tsohon kwafi cewa kada ya dogara da shi, kafin a aika masa da wanda aka gyara.